Yadda ake tsara atisayen kwaikwayo don ɗaliban jinya su gane maras lafiya ya fara rikicewa

Idan maras lafiya ya sandare a kan gado ya daina numfashi, ko mai shara da ke wucewa ya san a kira likita. Abin da ke buƙatar horo shi ne awannin da suka gabaci haka, lokacin da mutum yake zaune yana amsa gaisuwa, amma numfashinsa ya ɗan ƙaru, bugun jininsa ya ɗan yi sauri, fitsarinsa ya ragu. Wannan tsakiyar ce atisayenka zai zauna a kai. Malamai da yawa masu fara wannan aiki sukan garzaya su tsara tsayawar zuciya domin ta fi tashin hankali, sai ɗalibai su fita sun koyi danna ƙirji, ba su koyi lura ba.

Zan bi da kai ta labari guda, na wani dattijo da aka yi wa tiyata, daga rubutawa har zuwa tattaunawar bayan atisaye.

Kayan aiki

Kana buƙatar gado da zanin gado, ma'aunin hawan jini da abin sauraren ƙirji, ma'aunin zafin jiki, ɗan ma'aunin iskar oksijin da ake maƙalawa a yatsa, da agogo mai hannun daƙiƙa. Sai jakar fitsari, ledar ƙarin ruwa da robarta, bandeji da filasta, da takunkumin oksijin. Ta ɓangaren takardu kuwa, fayil ɗin maras lafiya, takardar rubuta awo, takardar shiga da fitar ruwa, takardar magunguna, da ƙananan katuna da za ka rubuta sakamakon awo a kai. Waya biyu sun isa, ɗaya a hannun ɗalibai, ɗaya a hannun wanda zai zama likita.

Mutane huɗu ne ke tafiyar da aikin: kai mai jagora, mai kwaikwayon maras lafiya, mai kwaikwayon matarsa, da wanda zai amsa waya daga wani ɗaki. Idan makarantarku tana da mutum-mutumin da ke numfashi yana magana, madalla. Amma don wannan darasi na fi son mutum mai rai. Mutum-mutumi ba ya murza zanin gado, ba ya maimaita tambayar da ya riga ya yi, kuma irin waɗannan alamomin ne nake so idon ɗalibi ya saba da su.

1. Rubuta abin da kake so a iya, kada ya wuce uku

Ga ɗaliban shekara ta biyu, nakan rubuta haka. Ɗalibi ya yi cikakken awo da hannunsa, ya haɗa makin gargaɗi da awon ke bayarwa. Ya gane cewa awon ya sauya idan aka kwatanta da na safe. Ya kira babba cikin minti biyar, ya ba da rahoto a tsare. Shi ke nan.

Lura cewa gano sunan cutar ba ya cikin jerin. Idan ɗaliba ta ce “ban san abin da ke damunsa ba, amma yana ƙara rikicewa, ga hujjata,” ta ci. Da zarar ka ƙara sa allurar jijiya da lissafin maganin kashe ƙwayoyin cuta, hankalin kowa zai koma kan hannu, a manta da ido.

2. Zaɓi ma'aunin maki guda ka tsaya a kansa

Idan asibitin da ɗalibanka ke zuwa koyon aiki yana da tasa takardar gargaɗi, yi amfani da ita. Idan babu, ɗauki NEWS2, wanda Royal College of Physicians ta Landan ta fitar a 2017, gyaran na farko da ya fito a 2012. Yana ba da maki a kan yawan numfashi, iskar oksijin a jini, ko an sa wa mutum oksijin, lambar sama ta awon jini, bugun jini, zafin jiki, da hayyaci. Jimillar 5 ko 6 na nufin a nemi likita da gaggawa, a koma awo aƙalla kowace awa. Jimillar 7 zuwa sama lamari ne na ko-ta-kwana. Maki 3 a abu guda kaɗai ma ya isa a kira.

Ba a yi wannan ma'auni don mai juna biyu ba, ko yaro ɗan ƙasa da shekara 16. Saboda haka kada ka ɗora shi a kan labarin mai haihuwa da ke zubar da jini, domin wannan yana da nasa ma'aunin.

3. Gina maras lafiyar

Zaɓi wanda ɗalibai za su tarar da irinsa a ɗakin maza na tiyata. Namu mun sa masa suna Malam Audu, sunan ƙirƙira ne kawai. Shekararsa 52, nauyinsa kilo 60, kwana biyu ke nan da aka yi masa tiyatar afendis da ta fashe. Yana da robar fitsari da ƙarin ruwa. Abin da ke faruwa a ɓoye shi ne ƙwayoyin cuta sun fara yaɗuwa daga cikinsa, jiki ya fara shiga halin da ma'aikatan lafiya ke kira sefsis.

Rubuta nauyin a fayil, domin da shi ake lissafin fitsari. Ƙa'ida ita ce rabin mililita a kowane kilo a kowace awa, wato Malam Audu ya kamata ya yi aƙalla mililita 30 a awa. A takardar ruwa ka nuna an juye jakar da ƙarfe 10 na safe, sannan ka zuba mililita 80 na ruwan shayi mai duhu a ciki. Atisayen yana farawa da ƙarfe 2 na rana. Ɗalibin da ya sunkuya ya duba zai ga 80 cikin awa huɗu, 20 ke nan a awa. Wanda bai sunkuya ba, ba zai taɓa sani ba, kuma kada ka gaya masa.

4. Tsara lambobin, nan ne aikin yake

Dabarar ita ce kowace lamba, in ka ɗauke ta ita kaɗai, ta zama wadda nas mai gajiya zai iya ɗaga wa kafaɗa. Haɗuwarsu da kuma alƙiblar da suka dosa su ne ke ba da labari. Don haka ka fara da cike takardar awo da abin da ya gabata, da rubutun hannu, da biro kala biyu kamar mutum biyu ne suka rubuta.

Da ƙarfe 6 na safe komai lafiya: numfashi 18, oksijin 97, jini 128/78, bugu 84, zafi 37.2, maki 0. Da ƙarfe 10, numfashi 20, oksijin 96, jini 118/72, bugu 96, zafi 37.9. Bugun ne kawai ya ba da maki 1.

Mataki na farko shi ne abin da ɗalibai za su samu idan sun shiga. Numfashi 23, wanda ke da maki 2. Oksijin 95, maki 1. Bugu 108, maki 1. Zafi 38.4, maki 1. Jini 112/68, babu maki, kuma yana cikin hayyacinsa. Jimilla 5, daidai bakin layin kira.

Da gangan na bar awon jinin a inda ba ya ba da maki. Ɗalibai sun fi yarda da awon jini a kan komai, suna ganin 112/68 sai hankalinsu ya kwanta. Alhali jiki yakan riƙe awon jini ta hanyar ƙara bugun zuciya da matse jijiyoyi, sai dabarar ta ƙare sannan ya faɗi. Numfashi kan riga shi sauyawa, kuma shi ne awon da aka fi rubutawa da ka ba tare da an ƙirga ba. Na kuma sa jimillar ta tsaya a 5 cif saboda wani dalili: ɗalibin da ya rubuta numfashi 20 da ka zai sami 3, ya ɗauka ba komai. Wannan kuskure guda ya ishe ku tattaunawar rabin awa.

Mataki na biyu yana zuwa ne idan minti biyar ta cika ba a kira kowa ba. Ka ɗaga murya ka ce, “Minti talatin sun wuce.” Wannan sanarwa wajibi ce, domin in ba haka ba za ka koya musu cewa sefsis na kayar da mutum cikin minti biyar. Yanzu numfashi 24, oksijin 93, jini 104/62, bugu 114, zafi 38.7, kuma ya fara ruɗewa. Sabon ruɗewa kaɗai maki 3 ne, jimilla ta kai 11.

Mataki na uku na waɗanda suka kira ne, aka ba da umarni suka bi. Idan tun a matakin farko suka kira, ka bar lambobin kusan yadda suke, likita ya iso, a rufe. A nan ba sai an sa oksijin ba, tunda 95 na cikin abin da ake nema, wato 94 zuwa 98. Idan sai a mataki na biyu suka kira, aka sa oksijin aka ƙara gudun ruwa, to numfashi ya sauko 22, oksijin 96, jini 112/66, bugu 104, zafi 38.5, hayyaci ya dawo. Jimilla 6 ce har yanzu, domin sa oksijin kansa maki 2 ne. Kada ka mayar da komai daidai don ka faranta musu. Mai sefsis ba ya warkewa da leda ɗaya ta ruwa.

Kuma kada ka bar Malam Audu ya mutu. Ɗaliban da suka ga mutuwa a atisaye ba sa jin komai a tattaunawa, suna can suna zargin kansu.

5. Yanke yadda lambobi za su isa ga ɗalibi

Ƙa'idata guda ce: wanda bai auna ba, ba a ba shi. Ɗaliba ta ɗaura ma'aunin jini, ta hura, ta saurara, sannan ka miƙa mata katin da ke ɗauke da 112/68. Ta riƙe wuyan hannu tana kallon agogo, sannan katin bugu ya fito. Ka yi shiru kana miƙa katin. Da ka buɗe baki, za su juyo su riƙa tambayarka maimakon maras lafiya.

Numfashi kuwa ba ya buƙatar kati, mai kwaikwayo zai iya yinsa. Sau 23 a minti kusan numfashi ɗaya ne a kowace daƙiƙa biyu da rabi. Ku gwada tare da agogo kafin ranar. Ka ce masa ya yi shi sama-sama, domin mai lafiya da ya yi ta jan dogon numfashi da sauri zai ji jiri, yatsunsa su fara yi kamar ana tsira musu allura. Ku yi yarjejeniyar wata alama da zai yi idan yana son a tsaya.

Ma'aunin yatsa zai nuna ainihin oksijin ɗin ɗan wasan, wataƙila 98, ya ɓata maka labari. Rufe fuskarsa da filasta ka rubuta lambar matakin a kai. Idan babu ma'aunin ma gaba ɗaya, hannun maƙalar shanya ya wadatar. Idan kuma kana da mutum-mutumi mai allo, juya allon ya kalli bango har sai an auna, tunda a yawancin ɗakunan kwanciya babu allo a kan kowane gado.

Robar ƙarin ruwa a manne take da filasta a kan fata, ba a huda kowa. Bakin ya zarce cikin wata jaka da ka ɓoye a ƙarƙashin zani. Duk wata leda ko kwalba ka rubuta mata “na koyarwa” da manyan haruffa, kuma ka ƙirga su kafin da bayan atisaye, kada ɗaya ta bi aljihu ta shiga asibiti.

6. Rubuta wa 'yan wasa abin da za su faɗa

Shafi ɗaya ga kowa. Malam Audu mutum ne mai kawaici. Idan ɗaliba ta ce, “Sannu Baba, yaya jiki?” zai ce, “Da sauƙi 'yata, alhamdu lillahi.” Ba zai ƙara komai ba sai an tona. In an tambaye shi ciwo, ya ce cikin ya fi jiya ɗaurewa. In an tambaye shi sanyi, ya ce tun hantsi yake jin ɗari. Wannan “da sauƙi” kada ka cire ta, domin ita ɗalibanka za su ji a bakin kusan kowane dattijo, ko da yana cikin wani hali. Ka fesa masa ɗan ruwa a goshi, ka ɗiga abu mai ruwan ɗorawa kaɗan a gefen bandejin, a ƙarƙashin riga, inda sai an ɗaga za a gani.

A mataki na biyu ruɗewar ta zama mai laushi. Ya tambaya ko an kira sallar asuba, alhali rana tsaka ce. Ya kira ɗalibar da sunan 'yarsa. Ya riƙa jan robar hannunsa. Sabbin 'yan wasa sukan zarce, su yi ta nishi da birgima, sai darasin lura ya tashi a banza.

Matarsa tana zaune a kan tabarma kusa da gado, da kwanon kunun da bai sha ba. Ita ce hanyarka ta ceto. Idan minti uku ta wuce ɗalibai suna ta gyaran zanin gado, sai ta ce, “Malama nas, ni dai tun safe Malam ba yadda na san shi yake ba.” Idan har yanzu ba su motsa ba, ta ƙara, “Jakar nan ma yau ba ta cika kamar jiya ba.” Biyu sun isa. Ka hana ta ƙirƙiro nata.

Mai amsa waya shi ma da nasa shafin. Idan ɗaliba ta ce, “Likita, maras lafiyar gado na huɗu ba ya jin daɗi,” ya amsa, “Ina ɗakin tiyata, ki ba shi farasitamol, zan leƙo anjima.” Wannan ba mugunta ba ce, gwaji ne na ko za ta tsaya a kan hujjarta. Idan ta kawo lambobi ta nemi ya zo, ya sauya nan take, ya ba da umarni, ya ce ta maimaita masa. Rahoton da kake fatan ji yana bin tsarin SBAR, wato halin da ake ciki, tarihin da ya kawo shi, abin da na gani, da abin da nake nema:

“Likita, ɗalibar jinya ce daga ɗakin maza na tiyata. Ina kira kan Malam Audu, gado na huɗu, makinsa ya tashi daga 1 zuwa 5 cikin awa huɗu. Kwanansa biyu da tiyatar afendis da ta fashe. Numfashi 23, bugu 108, zafi 38.4, jini 112/68, oksijin 95, fitsari mililita 80 tun ƙarfe 10. Ina tsoron sefsis. Ina roƙon ka zo ka duba shi yanzu, kuma me zan fara yi kafin ka iso?”

Su yi kiran da harshen da ake yinsa a asibitin da suke zuwa, ko da Turanci ne, su yi wa Baba magana da Hausa. Ka kuma bar musu ƙofar kiran sistan ɗaki, domin a zahiri ɗalibi ita yake fara sanarwa. Duk wanda suka kira cikin biyun, an kira.

7. Gwada kafin ranar

Samo nas biyu da ba su ga takardar ba su shiga. A nan za ka gano cewa katin zafi ya ɓace, ko ba a jin waya daga ɗakin can, ko lissafin makinka ya kauce. Sake haɗa makin kowane mataki da biro.

8. Jawabin shiga da gudanarwa

Ba su minti biyar zuwa goma kafin a fara. Nuna musu ɗakin, su taɓa kayan, su ga yadda katuna ke fitowa. Gaya musu ba jarrabawa ba ce, kuma abin da ya faru a ɗakin nan ba a kai shi ɗakin kwana. Kada ka faɗi cewa maras lafiya zai rikice. Ka miƙa musu aiki kamar yadda nas ɗin safe zai yi, a gajiye: “Gado na huɗu, kwana biyu da tiyata, ya ɗan yi zazzaɓi, ba wata matsala. Awon ƙarfe biyu ya rage.”

Ɗalibai biyu ko uku ne za su shiga, atisayen ya ɗauki minti goma zuwa sha biyu. Idan ajin babba ne, sauran su zauna a gefe, kowa da abin da zai sa wa ido: wannan ya rubuta mintin da aka ƙirga numfashi, wancan ya rubuta mintin da aka ɗaga waya, wani ya bi rahoton. Ba tare da aiki ba, 'yan kallo dariya suke yi. Kai ma riƙe takarda ka rubuta lokaci da ainihin kalmomin da aka furta.

9. Tattaunawar bayan atisaye

Ware mata aƙalla ninki biyu na lokacin atisayen. A bar gefen gado, a zauna a da'ira. Fara da yadda suka ji, domin wadda hannunta ke rawa ba za ta yi nazari ba sai ta fitar da abin da ke ranta. Sannan ɗaya ya ba da labarin abin da ya faru a taƙaice, don kowa ya tsaya a kan fahimta guda.

Daga nan ka shiga nazari, ka faɗi abin da ka gani, da abin da ya dame ka, sannan ka tambaya. Misali: “Na ga kin rubuta numfashi 20 ba ki kalli agogo ba. Abin ya dame ni, domin da 23 makin ya kai na kira. Me ke ranki a lokacin?” Amsar ita ce ribar ranar. Wata za ta ce haka ta ga ana yi a asibiti. Wata za ta ce kunyar zura wa ƙirjin dattijo ido take ji, sai ka nuna mata ta ci gaba da riƙe wuyan hannunsa kamar tana jin bugu, tana ƙirga numfashin har minti guda. Wani zai ce ya ga makin 5 amma yana tsoron likita ya yi masa tsawa. Kowace amsa maganinta daban, kuma da ka tsaya a “me ya sa ba ki ƙirga ba”, da shiru za ka samu.

Shimfiɗa takardar awon a tsakiya, su ja layi daga ƙarfe 6 zuwa 10 zuwa 2, su ga bugu yana hawa, jini yana gangarowa, duk da cewa jinin bai taɓa ba da maki ba. A nan ne wurin ambata cewa ma'aunin yatsa yakan nuna lamba sama da gaskiya a baƙar fata, don haka 95 tare da numfashi mai sauri ba abin kwantar da hankali ba ne. Ka gayyaci matar Malam Audu ita ma ta faɗi ko an saurare ta da ta yi magana.

Idan lokaci ya rage, mayar da su ɗakin su sake minti biyar ɗin farko kawai, daga gaisuwa zuwa kiran waya. Ga rukunin da ke biye, sauya lambobin kaɗan, ka mayar da numfashi 22 da bugu 104, jimillar ta ci gaba da zama 5, domin kafin su shigo labarin 23 ya riga ya zaga baranda.